RA'AYINMU: KAFIN A NEMI JARI, A ƘIDAYA ABIN DA KE HANNU

Wanda duk ya ƙetare gadar Kennedy ya nufi Lamorde, kusa da Jami'ar Abdu Mumuni wadda ta zama cikakkar jami'a a 1973, zai tarar da samari masu takardar shaidar lisansi suna zaune a fada, suna jiran gasar shiga aikin gwamnati. Idan aka tambaye su me ya hana su sana'a, amsa guda ce: babu jari. A ganinmu, tambayar jari ita ce ta ƙarshe. Ta farko ita ce: me ka riga ka iya, kuma wa zai biya ka dominsa?

Hanyar amsawa ba ta cin kuɗi. A ɗauki takarda a raba ta gida huɗu. A gida na farko mutum ya rubuta abin da ya iya yi, ba sunan takardar shaidarsa ba, domin ba wanda ke sayen “lisansin labarin ƙasa”, amma akwai mai sayen “ina koyar da lissafi”. Ya haɗa har da abin da ya koya a gidan ubansa. A gida na biyu ya rubuta mai bukatar aikin, da sharaɗin ya iya zuwa wurinsa da ƙafa. A na uku, kayan aikin da ake bukata da wanda ya mallake su. A na huɗu, ranar da kuɗin farko zai shigo hannu.

Bari mu ɗauki misalin saurayi ɗan Lamorde da ya gama labarin ƙasa. Ya rubuta abu huɗu: tuƙin babur, noman lambu, buga rubutu a kwamfuta, da koyar da lissafi da Faransanci. Sai ya bi su da alƙalami.

Babur ba nasa ba ne. In ya karɓi na wani, kowace yamma sai ya kai wa mai shi kuɗin yini, ko ya samu ko bai samu ba, ga mai, ga gyara. Wannan bashi ne, sai ya soke shi. Lambu kuwa yana son fili da iri da makonni na jira, kuma mutanen Lamorde ba su manta da 2012 da 2020 ba, lokacin da kogi ya cika ya shiga unguwa. Sai ya ajiye shi har ya tara abin da zai iya jure asararsa. Buga kundin kammala karatu na ɗalibai yana da masu bukata a ƙofar gida, amma ba shi da kwamfuta, saboda haka ya rubuta a gabansa: “sai na samu aro”. Saura koyarwa. Kayanta allo da alli ne, wurinta zauren iyayen yaro, kuɗinta ƙarshen wata.

To, har yanzu zato ne, sai an gwada. Ya shiga gida 10 masu ƴaƴan da za su yi jarrabawar fita kwaleji, ya faɗi kuɗinsa a fili. “Allah ya sa albarka” ba ciniki ba ne. Wanda ya sa ranar farawa shi kaɗai ake ƙidayawa. A ce ya samu yara 6, kowane jika 5 a wata, jika 30 ke nan. Amma ya tuna shekarar karatu daga Oktoba zuwa Yuni take. Wata 9 sun ba shi jika 270, in ya raba su ga wata 12, jika 22 da rabi ne. Wannan shi ne samunsa na gaskiya, kuma shi zai nuna masa cewa yana bukatar sana'a ta biyu domin hutun damina.

Wurare biyu ake faɗuwa. Na farko kunya: ɗan ƙanen uba da ɗan maƙwabci su cika zaure, ba mai biya. Alamarta ita ce wata na biyu ya ƙare rabin kuɗi bai shigo ba. Maganinta a yanke magana da iyaye tun ranar farko. Na biyu kwaikwayo: ganin wani ya ci riba, goma su buɗe irin tasa a layi ɗaya. Don haka kafin a zaɓa, a ƙidaya masu yin aikin a unguwa.

Muna kira ga jami'an Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa da shugabannin unguwanni, duk saurayin da ya zo neman tallafi, su fara zama da shi a kan wannan takarda. Wanda ya kawo sunayen gidajen da suka riga suka biya shi, shi ya cancanci a ba shi rance, domin ya san inda zai sa shi. Allah ya yi mana jagora, amin.