Yadda Beyoncé ta rabu da Adidas ba tare da an zubar wa kowa mutunci ba

Jama'a, yau kan rabuwar tauraro da kamfani zan yi magana, domin kullum muna ganin hoton sa hannu a kwantiragin jakadanci, amma ba kasafai muke lura da yadda ake kammala shi ba. A ganina rabuwar Beyoncé da Adidas ta ishe mu misali.

A 2019 suka ƙulla yarjejeniya kan kayan sawarta mai suna Ivy Park, kayan farko suka fito a Janairun 2020. A Fabrairun 2023 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa cinikin 2022 ya tsaya wajen dala miliyan 40, alhali an yi hasashen miliyan 250. Kun ga ke nan akwai abin da za a yi ta nuna wa juna yatsa a kai. Kamfani zai iya cewa sunanta bai sayar da kaya ba, ita kuma ta ce su ne ba su iya tallar ba.

Babu wanda ya faɗi haka a fili. Da aka tuntuɓi Adidas kan rahoton, cewa suka yi alaƙarsu da ita na nan da ƙarfinta. A Maris ɗin shekarar sai labari ya fito ta The Hollywood Reporter cewa ɓangarorin biyu sun amince su rabu, kuma dalilin da aka ambata shi ne saɓanin ra'ayi kan fasalin kayan.

Ku lura da kalmar "sun amince". Ba ta nuna wanda ya fara cewa ya gaji ba, don haka babu wanda za a ce an kora. Dalilin ma haka yake. Saɓanin ra'ayi ba laifi ba ne, kowa na iya samunsa da abokin aiki. Da an ce kaya sun yi kwantai, duk kamfanin da zai neme ta gobe sai ya rage mata farashi. Da ita ma ta caccaki Adidas, sauran mawaƙa za su yi ɗari-ɗari da kamfanin, kamfanoni kuma su riƙa tsoron bakinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a katse aikin a tsakiya ba. A Oktoban 2023 suka fitar da kayansu na ƙarshe tare, Ivy Park Noir. Wannan ya sa kalaman suka yi kama da gaskiya, don waɗanda suka yi baram-baram ba sa tsayawa su sayar da kaya tare. Sunan Ivy Park ya ci gaba da zama nata, kuma a 2024 muka gan ta a tallar Levi's.

To amma kar a ɗauka lallausan harshe yana aiki ko'ina. Wannan Adidas ɗin dai, ranar 25 ga Oktoban 2022, ta yanke hulɗa da Kanye West nan take saboda kalamansa na ƙin jinin Yahudawa, ta kuma fito ƙarara ta kira su kalaman ƙiyayya masu haɗari. Takalman Yeezy na kimanin yuro biliyan 1.2 suka maƙale mata, kuma sai a Oktoban 2024 ta sanar cewa sun sasanta rigimarsu. A nan da ta ce "mun amince mu rabu", mutane za su ce tana rufa masa asiri ne. Idan laifin a bainar jama'a aka yi shi, dole a kira shi da sunansa. Idan kuwa ciniki ne kawai bai tafi ba, babu ribar tone-tone.

Ga 'yan wasanmu da mawaƙanmu masu tallar atamfa, waya ko shinkafa, shawarata ita ce a tsara fita tun ranar shiga. A rubuta a takarda cewa babu wanda zai ɓata sunan ɗan'uwansa bayan rabuwa, a sa ranar da za a sauke hotuna daga alluna da shafuka, a kuma amince da sanarwa guda kafin kowa ya taɓa wayarsa. Layi uku sun isa: wa'adinmu ya cika ranar kaza, mun gode da aikin da muka yi tare, muna yi wa juna fatan alheri. In akwai bashin kuɗi, a bi shi ta hannun lauya, kar a kai shi TikTok.

Mu kuma 'yan kallo, in kuna son gane ko an rabu lafiya, ku duba ko maganar ɓangarorin biyu ta zo ɗaya. Idan kuka ga an goge hotuna cikin dare, sai habaici ya biyo baya, to akwai sauran rina a kaba.