Mai tallar da ya jira ganin wata a Filinge ya makara

Duk shekara, da an shiga goman ƙarshe na azumi, sai wayoyin mutanen Filinge su cika da hotunan shadda da atamfa, kowane mai kanti na shelar cewa sabbin kaya sun iso daga Yamai. Tallar tana da kyau, amma a makare take zuwa. A lokacin teloli sun daina karɓar ɗinki, kuɗin da aka aiko daga waje kuma an riga an san inda za su shiga.

Kuskuren shi ne ana lissafi da kalanda ɗaya, alhali uku ne ke juya kasuwar ƙasar Kurfai. Akwai ta wata, wadda ke jawo azumi baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Akwai ta damina, wadda ba ta gusawa: hatsi na shiga rumbu a Satumba da Oktoba, aure ya biyo baya. Ta ukun ita ce ta aljihu, wato ƙarshen watan ma'aikata da ranar da 'yan cirani ke aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza. Wanda ya tsara talla bai jera ukun nan a takarda ɗaya ba, caca yake yi da jarinsa.

A ɗauki 2027. Ana sa ran fara azumi wajen 8 ga Fabrairu, Ƙaramar Salla kuma wajen 9 ko 10 ga Maris, gwargwadon ganin wata. Kasuwar Filinge ranar Lahadi take ci, ke nan a cikin azumin kasuwa huɗu ce kacal: 14, 21 da 28 ga Fabrairu, sai 7 ga Maris. Mutumin ƙauye ba kullum yake shigowa gari ba, balle yanzu da matsalar tsaro ta sa kowa ke taƙaita tafiya. Don haka mai sayar da yadi ba kwana 30 yake da su ba, rana huɗu ce.

Ga inda gizo ke saƙa. Albashin Fabrairu zai faɗo wajen 20 ga azumi, lokacin da tela mai kirki ya riga ya cika. Mai kantin da ya jira kuɗi su shigo kafin ya yi talla zai sayar wa mutane yadin da ba mai ɗinka musu. Abin da ya fi shi ne ya saki tallarsa tun makon farko na azumi, da tayi ɗaya bayyananne: a zaɓi turmi ranar 14 ko 21, a ba da kafin alƙalami, a kai wa tela, a cika sauran ranar 28. Bashi ne, gaskiya, kuma wanda bai san abokan cinikinsa ba zai iya ƙonewa. Amma kasadar ta fi a wayi gari bayan Salla da turame jibge, ana jiran Layya da zanen da yayinsa ya wuce. Kasuwar 7 ga Maris kuwa ta takalma ce da huluna da kayan yara ɗinkakku.

Sannan wa ake yi wa tallar? Mai sa kayan yana Filinge ko Tukunus, mai biya kuma sau da yawa yana Yamai, Legas ko Abijan. Shi hoto bai ishe shi ba. Yana son jin farashi da jaka-jaka, da ranar da za a rufe karɓa, da wanda zai damƙa wa mahaifiyarsa kayan. Gajeren saƙon murya a WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci, wanda za a iya turawa rukunin 'yan gari, ya fi fosta da Faransanci aiki. Alamar cewa tallar ta kama ita ce kira ya fara shigowa daga lambobin ƙasashen waje kafin kasuwar farko. In har Lahadi biyu sun wuce ba a ji su ba, a rage odar da za a ƙaro daga Yamai.

Masu kayan aure su ma lissafinsu ya canja. Iyalai da yawa na son a ɗaura kafin azumi, kuma watan Sha'aban na 2027 zai kama ne daga wajen 10 ga Janairu. Lefe da kayan ɗaki kuwa makonni kafin biki ake haɗa su, wato tallarsu ta Disamba ce, lokacin da kuɗin wake bai ƙare a hannu ba. Mai ƙaramin jari da ke son cin kasuwar aure da ta Salla dole ya karɓe bashin lefe kafin ƙarshen Janairu, in ba haka ba da me zai sari shadda?

Layya, wajen tsakiyar Mayu, wani zance ne daban. Rumbu ya yi ƙasa, ana tanadin iri, kuma Bakurfe a lokacin mai sayar da rago ne kafin ya zama mai sayen tufa. Tallar da ta dace a watan ita ce wadda ke fita daga Filinge zuwa masu neman rago a Yamai, da hoton dabbar da farashinta da kuɗin mota.