Abin da na'ura ta ƙwace a banki, da abin da ya gagare ta

'Yan uwa marubuta, har yanzu muna zana ma'aikacin banki yana ƙirga kuɗi da yawu a yatsa. Wannan aikin ya kusa ƙarewa. Tun ƙarancin takardun naira na 2023, cirewa da turawa suka koma hannun masu POS a kasuwar Jega. Daidaita shiga da fita kuwa, kwamfuta ke yi wa akanta.

Amma a ce dillalin albasa a Aliero ya nemi bashi, ba shi da rasit sai rumbu. Wa zai je ya duba ko albasar za ta kai lokacin tsada ba ta ruɓe ba? Manomin Maiyama da aka zare wa kuɗi ba su isa ba, shi ma mutum yake nema ya bi masa sawu.