Wasiƙa Ga Masu Horar Da 'Yan Gudun Dogon Zango



Na yaba da sammakonku da haƙurinku da yara, Allah ya saka da alheri. Amma abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar da kuka ware wa gudun sassauci, sai ku tsaya da agogo kuna cewa a ƙara wuta, yara su dawo suna haki, ku ce an yi aiki. Aikin wannan gudun shi ne yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, da ƙara jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, da sabar wa jiki ƙona kitse. Wannan gini yana son awoyi masu yawa, wanda aka gajiyar kullum kuwa ba zai tara su ba. Gobe ranar gudu mai tsanani ƙafa ta yi nauyi, an yi biyu babu ke nan.

Ma'aunin yana bakin ɗan wasa. Idan ya yi minti 15 yana gudu, ku jera da shi ku tambaye shi yadda ya kwana. In ya kawo zance cikakke bai yanke ba, yana kan hanya. In kalma uku ko huɗu yake fitarwa ya ja numfashi, ya zarce. Ya rage, ko ya taka a hawa. Dalili kuwa, da gudu ya tsananta asid yakan taru, jiki ya kashe kaifinsa, sai iskar da huhu zai fitar ta ƙaru, numfashi ya danne magana. Mai gama kilomita 10 cikin minti 50, wato minti 5 kowace kilomita, gudun hirarsa yakan zauna wajen minti 6 zuwa 6 da rabi kowace kilomita. A zafin bazara sai ya ƙara ja baya, abin da agogo ba ya sani amma numfashi ya sani.

Za ku ce mai saba tafiyar hawainiya ba ya cin tsere. To, Arthur Lydiard na New Zealand ya sa Peter Snell doguwar tafiyar gina numfashi, Snell kuwa ya ci zinare a mita 800 a Rum a 1960. Eliud Kipchoge, wanda ya sha yin gudun famfalaki ƙasa da minti 3 kowace kilomita, yakan sassauta zuwa minti 4 ko 5 a Kaptagat. Binciken Stephen Seiler ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na atisayen gwanaye sassauƙa ne. Ku kun fi su sani ne? Wanda ya mai da kowace safiya gasa, burgarsa yake yi da ƙafar ɗan wani.

Ku gafarce ni in na yi zafi. Gwajin ba ma'asumi ba ne, domin yaro mai kunya zai daure ya nuna ƙarfi, shi ya sa ake jan hirar. Ku bar tsanani ga ranarsa, sau biyu a mako ya isa.