Ba Masu Karatu Ne Suka Gudu Ba, Tallanmu Ne Ya Ƙi Girma

Na gaji da jin kukan nan na cewa mutanenmu sun daina sayen littafi. Duk wanda cinikinsa ya yi ƙasa sai ya ɗora laifin a kan masu karatu ko ɓarayin littafi, alhali hoton bangon da ya saka ranar fitowar littafin shi yake ta sakawa bayan wata takwas, da kalmomin nan dai na "kar ku bari a ba ku labari". Wannan lalaci ne, mu daina kiransa ƙaddara.

Littafi idan an sa masa farashi ya zama haja, kamar sabulu. A ajin kasuwanci an koya mana cewa kowace haja tana da matakai huɗu: shigowa kasuwa, bunƙasa, tsayuwa, sai ja da baya. Theodore Levitt ya yi fitaccen rubutu a kan haka a 1965, kuma abin da ya nuna shi ne kowane mataki da irin dabarar da yake bukata.

Mu ƙaddara wata 'yar uwa tana sayar da littafinta ta waya a kan naira 500. Makon farko mutum 8 suka biya, na biyu 15. Nan da yawa suke karaya, alhali matakin shigowa ke nan, ba a san ta ba tukuna. Aikinta a nan a ɗanɗana rubutunta: ta saki shafukan farko kyauta, ta ba masu sharhi waɗanda ake jin maganarsu. Kuɗi fita suke yi a wannan lokaci, wanda ya zo neman riba ya yi sammako.

Mako na huɗu mutum 40 suka biya, na shida 70, kuma yawancinsu ƙawa ce ta turo su. Wannan ita ce alamar bunƙasa. Yanzu an san littafin, masu kwaikwayo ma sun fito da labarai masu kama da shi. Sai tallan ya koma nuna abin da ya bambanta nata da nasu, ta sauƙaƙa hanyar biya, ta ƙara masu sayar mata a kan kamasho. Babban kuskure a nan rage farashi. Don me za ka karya kuɗin kayan da ake layi a kansa?

Daga mako na bakwai sai lissafi ya tsaya: 70, 68, 65. Duk mai niyyar saye a da'irarta ya saya. Ƙara ihu a kunnensu asarar data ce. Abin yi shi ne a kai labarin inda bai je ba, a karanta shi da murya don masu saurare, ko a buga shi a takarda. Ku dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Bayan ya karɓu a matsayin littafi an fassara shi zuwa Turanci, an kuma yi fim ɗinsa. Labari ɗaya ne, amma kowace sabuwar siga ta zo da mutanen da ta farko ba ta kai gare su ba.

Sannan ciniki ya sauka zuwa 30, ya koma 12, littafin kuma yana yawo kyauta a wayoyin mutane. A nan ta daina biyan kuɗin talla. Ta rage farashi, ko ta haɗa shi da sabon littafinta a kuɗi ɗaya, ko ta sake shi kyauta da shafukan sabon a ƙarshensa. Tsohon ya zama ɗan aiken sabo.

Na san wani zai ce adabi ba sabulu ba ne, ga Magana Jari Ce har yau ana karantawa. Gaskiya ne, wasu littattafan suna daɗewa a tsaye, musamman wanda makarantu suka riƙe. Kuma ba kowace sauka ce mutuwa ba. Ciniki kan yi sanyi da azumi ko lokacin jarrabawa, wanda ya janye talla saboda haka shi ya kashe littafinsa da hannunsa. Kafin ka yanke hukunci, tambayi abokan rubutu. Idan nasu ma ya sauka, yanayi ne. Idan naka kaɗai ya yi mako huɗu yana sauka, ya tsufa.

Amma ta yaya za ka gane matakin da kake idan ba ka rubuta cinikinka? Nawa ne a cikinmu za su iya faɗin mutum nawa suka biya su makon jiya? Wanda ba shi da amsa, ya sayi littafin lissafi tukuna, sannan ya dawo mu zagi masu karatu tare.