Burji da Mutuwar Aure: Raddi ga Gunter Sachs da Mabiyansa

A shekarar 1997 wani attajiri Bajamushe mai suna Gunter Sachs ya fitar da littafi mai suna Die Akte Astrologie, ya ce ya kamo hujjar da masu ilimin taurari suka daɗe suna nema. Kafin nan duniya ta san shi ne da ɗaukar hoto da shagali, da kuma aurensa da 'yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot, wanda aka ɗaura a 1966 ya mutu a 1969. Sachs ya sa an tattaro masa bayanan hukuma daga ƙasar Suwizalan, aure fiye da 350,000 da saki fiye da 100,000, aka jera burjin miji da na mata. Ya ce alƙaluma sun nuna akwai burujan da ke yawan auren juna, akwai kuma waɗanda ke yawan rabuwa. Littafin ya yi kasuwa, kuma har yau magoya bayansa na kafa hujja da shi. Ya cancanci raddi na gaske, domin ya shigo da lissafi, kuma ana iya bin lissafi a ga inda ya karkace.

Babbar hujjarsu ita ce yawa. Suna cewa idan aka duba dubban ɗaruruwan aure aka ga wasu haɗe-haɗe sun zarce sauran, ba za a kira shi dace ba.

Burji goma sha biyu ne, daga Hamal zuwa Hut. Idan aka haɗa na miji da na mata ana samun gida 144. A ɗauka aure 360,000 ne don lissafin ya yi sauƙi, kowane gida zai samu kimanin 2,500. Amma ko da taurari ba su da hannu ko kaɗan, gidajen ba za su zo cif-cif ba. Wani zai samu 2,460, wani 2,550, kuma duk abin da ya faɗa tsakanin 2,400 da 2,600 ba abin mamaki ba ne. Ma'aunin da masu ƙididdiga suka saba amfani da shi yana kiran sakamako mai muhimmanci idan dace kaɗai ba zai kawo shi ba sai sau ɗaya cikin ashirin. To, wanda ya gwada gida 144 ya jefa ƙuri'a sau 144 ke nan, kuma ɗaya cikin ashirin na 144 ya kai bakwai. Wato tun kafin a buɗe fayil an san gida bakwai ko makamancin haka za su yi fice, ko da an raba wa mutane burji ta hanyar canki-canka. Masanin ƙididdiga Herbert Basler na Jami'ar Würzburg na cikin waɗanda suka bi lissafin littafin suka nuna kurakuransa jim kaɗan bayan fitowarsa.

Wasu masu bincike a Kanada, ƙarƙashin Peter Austin, sun nuna wannan tarkon da gangan a 2006. Sun ɗauki bayanan mutum sama da miliyan goma a lardin Ontario, suka nemi cutar da ke kwantar da 'yan kowane burji a asibiti fiye da sauran mutane. Sun samu, kowane burji da nasa. Da suka sake gwadawa a kan rabin mutanen da suka ajiye a gefe, biyu kaɗai suka tsira: 'yan Asad da zubar jini a ciki, 'yan Ƙaus da karayar ƙashin dantse. Da aka gyara lissafin don la'akari da yawan gwajin da aka yi, su ma suka ɓace.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ita ce ta fi daɗin bibiya. Wani Bafaranshe, Didier Castille, ya duba aure fiye da miliyan shida a ƙasarsa, ya ga masu burji ɗaya suna auren juna fiye da yadda lissafi ya nuna. Rarar ba ta da yawa, amma da irin wannan adadi ba za a ɗora ta a kan dace ba. Dole akwai dalili.

David Voas, wanda a lokacin yake Jami'ar Manchester, shi ya bi sawun dalilin a 2007. Ya yi amfani da ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales ta 2001, ma'aurata sama da miliyan goma. Da wannan yawa, ko aure ɗaya cikin dubu ne taurari suka juya, zai bar rarar aure dubu goma, kuma ba za ta ɓoyu ba. Shi ma da farko ya ga rarar masu burji ɗaya. Sai ya bar burji ya koma kan ranar haihuwa kanta. Idan aka raba ma'auratan da kwanakin shekara, ana sa ran kimanin 28,000 za su kasance miji da mata ranar haihuwarsu ɗaya. Abin da takardun suka nuna ya kusa 40,000.

Daga ina sauran suka fito? Takardar ƙidaya mutum ɗaya ne ke cike ta a madadin gida. Maigida ya zo layin matarsa, hankalinsa na wani wuri, hannu ya rubuta ranar da ya saba rubutawa, wato tasa. Wani ya tuna ranar ya manta watan, ya sa nasa. Takarda ɗaya cikin dubu ta yi wannan kuskure, an samu rarar. Ga kuma ranar 1 ga Janairu, wadda ake cusawa idan ba a san ranar haihuwar mutum ba, kuma ita ce ta fi kowace rana yawan ma'aurata masu rana ɗaya. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya san iyaye da kakanni nawa ne katin shaidarsu ke cewa an haife su ranar 1 ga Janairu. Duk wanda ya yi lissafin burji da irin waɗannan katunan zai gano cewa 'yan Jadyu ba sa auren kowa sai junansu.

Akwai hanyar rarrabe kuskuren alƙalami da aikin taurari. Burji ba ya bin watan kalanda, yana farawa wajen 21 ga wata ya ƙare wajen 20 ga wata mai zuwa. Wanda aka haifa 25 ga Maris da wadda aka haifa 10 ga Afrilu burjinsu ɗaya, watansu daban. Wanda aka haifa 5 ga Maris da wadda aka haifa 25 ga Maris watansu ɗaya, burjinsu daban. Da taurari ne ke aiki, rarar za ta bayyana a rukunin farko. Voas ya tarar kalanda take bi. Da ya cire tasirin kurakuran, ba abin da ya rage wa burji.

A nan mabiya Sachs kan ja da baya taku ɗaya. Su ce, to, mutane na iya auren wanda bai dace da su ba, amma sakamakon zai fito daga baya, a kotu. Wannan magana ce mai ma'ana, domin ƙidaya hoton rana ɗaya ce, ba ta bin aure daga ɗauri zuwa ƙarshensa.

Jonas Helgertz da Kirk Scott na Jami'ar Lund sun yi wannan bibiyar, suka buga sakamakon a mujallar Genus a 2020. Sun bi aure fiye da 65,000 a ƙasar Suwidin tsakanin 1968 da 2001. A Suwidin ranar haihuwa tana cikin lambar shaidar kowane ɗan ƙasa, don haka matsalar maigida mai mantuwa ba ta taso ba. Ba su kuma tono gida 144 suna neman wanda ya yi fice ba. Sun ɗauko jadawalin dacewa da masu taurarin da kansu suka wallafa, irin masu cewa na wuta ya dace da na iska, na ruwa da na ƙasa, suka tambaya ko waɗanda jadawalin ya yaba sun fi daɗewa tare. Bambancin da suka samu ɗan mitsitsi ne, bai wuce abin da dace ke kawowa ba, kuma masu dacewar ba su fi sauran auren juna ba tun farko. Gaskiya ne binciken saki ya auna, bai auna zaman lafiyar cikin ɗaki ba, kuma al'umma ɗaya ya duba. Amma da'awar Sachs a kan saki take.

Domin a ga yadda alama ta gaskiya take, wani rahoton hukumar ƙididdigar lafiya ta Amurka, bisa binciken 1995, ya nuna kashi 48 cikin ɗari na auren fari na matan da suka yi aure kafin shekara 18 ya watse cikin shekara goma, alhali na waɗanda suka kai 25 kashi 24 ne. Ninki biyu ke nan, ana ganinsa ba tare da aure miliyan goma ba.

Mafaka ta gaba ita ce a ce burjin rana wasan jarida ne, ƙwararre yana duba sa'ar haihuwa da wurinta da matsayin wata da Zahara. Mai faɗin haka ya riga ya saki littafin Sachs, domin littafin kacokan a kan burjin rana aka gina shi. Cikakken zanen haihuwa ma an gwada shi, ko da yake a kan hali ne, ba aure ba. A 1985 mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka bai wa ƙwararrun masu taurari zanen haihuwar mutum da bayanin hali guda uku, su zaɓi nasa. Sun yarda da tsarin tun farko, an kuma tsayar cewa za su dace aƙalla rabin lokaci. Sun dace kusan sau ɗaya cikin uku, daidai da mai canke. Ga kuma saɓanin da ke tsakanin masu fannin: lissafin Indiya da na Turai sun bambanta da kusan digiri 24, don haka wanda aka haifa 1 ga Afrilu ɗan Hamal ne a Landan, na wuta, amma ɗan Hut ne a Delhi, na ruwa.

Abu ɗaya da raddin nan ba zai musa ba shi ne yarda da alamar haihuwa tana taɓa rayuwar aure. A Jafan akwai shekarar Dokin Wuta, mai zagayowa duk shekara sittin, kuma camfi na cewa macen da aka haifa cikinta za ta yi ajalin mijinta. A 1965 an haifi yara kimanin miliyan 1.82, a 1966 da ta zama shekarar Dokin adadin ya faɗi zuwa miliyan 1.36, a 1967 ya koma miliyan 1.94. Iyaye ne suka ji tsoron haifar 'yar da za ta rasa mijin aure, suka ɗage haihuwa. Saboda haka ko da wata rana an samu ƙasar da burji ke tafiya tare da yawan saki, aikin farko na mai bincike shi ne ya raba ma'auratan gida biyu, waɗanda aka duba musu aka ce taurarinsu ba su haɗu ba, da waɗanda ba su taɓa jin zancen ba, ya ga ko bambancin yana nan a rukuni na biyu.