Ƙarfe goman wa? Haƙƙin mai neman aiki a cikin saƙon waya

Duk matashin da ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya zagaya da takardunsa daga ofishin ANPE zuwa ƙofofin ƙungiyoyi masu zaman kansu a Maraɗi ya san irin saƙon da ake jira. Wata rana waya za ta yi ƙara, a ga layi guda: an zaɓe ka, ka zo ganawa ranar Talata ƙarfe goma. Murna takan hana mutum ganin abin da saƙon bai faɗa ba. Ƙarfe goma na agogon wace ƙasa? Minti nawa za a ɗauka? In wani abu ya gitta, wa za a sanar, kuma kafin yaushe? Ra'ayina shi ne amsa waɗannan tambayoyi uku wajibi ne a kan mai kira, kuma ma'aikatar da ta bar su a buɗe ta zalunci wanda ya fi ta rauni, ko da ba ta nufi haka ba.

Mu fara da agogo, domin nan ne mutanenmu suka fi faɗawa ba su sani ba. Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya ne, wanda ake rubutawa UTC+1, kuma ba ya canzawa rani da damina. Shi ya sa ɗan Sabon Gari da ya saba hulɗa da Katsina da Kano da Yamai bai taɓa buƙatar tambayar "agogon ina" ba. Amma yawancin ayyukan ƙungiyoyin agaji da na raya karkara ba a Maraɗi kaɗai ake yanke shawararsu ba. Wanda zai yi maka tambayoyi ta WhatsApp ko Zoom yana iya kasancewa a Dakar, ko Nairobi, ko Paris. Dakar da Bamako da Wagadugu da Abijan da Akara duk suna bayanmu da awa ɗaya. Nairobi da Makka suna gabanmu da awa biyu. Paris kuwa tana da fuska biyu: a lokacin sanyinsu agogonta daidai yake da namu, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da awa ɗaya. A 2026 ke nan daga 29 ga Maris zuwa 25 ga Oktoba.

Ga misali don a ga yadda abin yake aiki. A ce wata baiwar Allah daga Jiratawa ta nemi aikin akanta a wata ƙungiya, aka turo mata cewa ganawa ranar Talata 9 ga Yuni ce, ƙarfe goma. In mai rubutun yana Dakar, ƙarfe gomansa sha ɗaya ne a Maraɗi, za ta zauna awa guda tana kallon waya tana zaton an yaudare ta, ga caji yana tafiya. In yana Paris, ƙarfe gomansa tara ne a wurinmu, kira zai shigo tana bisa kabu-kabu a hanyar shiga gari neman wurin da rezo yake da ƙarfi. In yana Nairobi, takwas na safe ne, kafin ta farga an rubuta a gaban sunanta cewa ba ta ɗauka ba. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne, da a watan Janairu aka yi wannan kira daga Paris, da ba a sami saɓani ba ko kaɗan. Saboda haka ma'aikacin da ya saba rubuta ƙarfe goma tsurarsa kuma abin ya yi daidai a lokacin ɗari, shi ne zai jefa mutane a rami da bazara, ya kuma rantse cewa laifinsu ne.

Gyaran ba shi da wuya. Mai kira ya rubuta lokacin da agogon wanda ake kira, sannan ya ƙara nasa a gefe. Shi ne yake da kalandar ofis da kwamfuta, shi ya kamata ya yi lissafin. Ya kuma rubuta sunan rana da sunan wata da haruffa. Lambobi irin 04/05 a tsarin Faransanci da muka saba 4 ga Mayu ne, a tsarin Amurka kuwa 5 ga Afrilu. In an haɗa sunan rana da kwanan wata, ɗaya yana gadin ɗaya: wanda ya duba kalanda ya ga ba su dace ba, nan take zai san akwai kuskure ya tambaya.

Na biyu shi ne tsawon lokaci, kuma shi ne aka fi rainawa. Ga mai zaune a ofis, minti ashirin da awa biyu ba su da bambanci sosai, duk cikin aikinsa ne. Ga mai neman aiki, a kan wannan adadi ake gina komai. In ganawar ta bidiyo ce, da shi zai san yawan datar da zai saya da cajin da zai tanada, a garin da wutar NIGELEC takan tafi ba sallama. In ido da ido ce, da shi malamin kwantiragi daga Tibiri zai san ko izinin awa biyu zai roƙa wurin shugaban makaranta ko na wuni guda, da shi mai shayarwa za ta san wa za ta bar wa jariri kuma har zuwa yaushe. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: a kira mutum goma sha biyar duka ƙarfe takwas na safe, a jera su a benci, a riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya. In kowa zai ɗauki minti talatin, na ƙarshe sai ƙarfe uku na yamma zai shiga, da yunwa da gajiya, a gaban masu tambaya da su ma sun ƙosa. Ba za a ce an auna shi da ma'aunin da aka auna na farko ba. Raba wa kowa lokacinsa a cikin saƙo, a bar ratar minti goma tsakani, a kuma kauce wa lokacin sallar Juma'a, aikin rabin awa ne ga sakatare.

Na uku, ƙofar ɗage lokaci. A garinmu rasuwa ba ta neman izini, haɗari da asibiti haka nan, ruwan Agusta kan datse hanya, layin waya kan ɗauke ana tsakiyar magana. Saƙon da ya zo daga lambar da ba a iya mayar mata da amsa, ko wanda bai ce komai ba a kan uzuri, yana sa mutum tsakanin jana'izar kawunsa da aikin da ya shekara yana jira. Kuma kunyarmu takan hana ƙarami ya ce wa babba ranar ba ta yi masa ba. Sai mai kira ya buɗe ƙofar da kansa, a rubuce, kafin mai neman ya ji cewa ba rashin ladabi ba ne ya shiga.

Ga yadda cikakken kira zai kasance, cikin saƙo biyu:

```
Daga kungiya kaza. Ganawar aikin akanta: Talata 9 ga Yuni 2026, karfe 11:00 na safe agogon Nijar, 10:00 a Dakar. Minti 40, ta WhatsApp, mu za mu kira.
```

```
Amsa da EH kafin Asabar 18:00. In ranar ba ta yi ba, rubuto 1 don Laraba 11:00 ko 2 don Alhamis 15:00. In layi ya katse za mu sake kira cikin minti 10.
```

Mai karatu zai lura cewa an rubuta "karfe" da "kungiya" ba lanƙwasa. Da gangan ne. Saƙon SMS guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ko wasu haruffan Faransanci irin ê da ô, waya takan koma wani tsarin rubutu da ke ɗaukar 70 kacal. Saƙon ya tsage gida uku, kuɗinsa ya ƙaru, wani lokaci kuma a ƙaramar waya ɓangare ɗaya ya iso ya bar sauran a hanya, watakila ma wanda ke ɗauke da lokacin. A lura kuma da sunan ma'aikata a farko. A zamanin da ƴan damfara ke tura saƙon aikin ƙarya suna neman a aika kuɗin rajista, kiran da ba suna abin tuhuma ne, kuma mai hankali yana iya share shi.

Na san abin da wasu shugabannin ma'aikatu za su ce: wanda yake son aiki da gaske zai kira ya tambaya, kuma wannan ma gwaji ne na himmarsa. Maganar tana da ɗan gaskiya, amma a duba wa take tacewa. Wanda yake da ɗan'uwa a cikin ofishin zai buga masa waya ya ji komai cikin minti biyu. Wanda ya taɓa aiki da Turawa ya riga ya san zancen agogon bazara. Wanda za a zubar shi ne ɗan manomin Jiratawa da ba shi da kowa a ciki, ko da ya fi kowa iya lissafin da ake nema. Gwajin da ake zaton na himma ne ya koma gwajin sanayya. Ma'aikatar da ke shelar gaskiya da adalci a takardar neman ma'aikata ba ta da hujjar barin wannan ƙofar baya a buɗe.

Alkawari kaya ne, kuma mutum biyu ke ɗaukarsa, don haka mai neman aiki ma yana da nasa kason. In saƙo ya zo, kada ya tsaya ga "to" ko "na gode". Ya maimaita abin da ya fahimta: Talata 9 ga Yuni, sha ɗaya na safe agogon Nijar, ina nan in Allah ya yarda. In akwai saɓanin fahimta, a nan zai fito tun da sauran lokaci. In saƙon bai faɗi agogo ba, ya tambaya da layi guda cikin ladabi. In uzuri ya taso, ya sanar tun da wuri, ya kawo ranaku biyu da zai iya, kada ya yi shiru sai bayan lokaci ya wuce ya zo da dogon labari. Kashe waya don kunyar neman ɗagewa ya fi neman ɗagewar muni sau da yawa, domin ya hana wani ɗan'uwansa wurin da ya bari.

Amma nauyi mafi girma yana kan mai riƙe da jerin sunaye. Ina kira ga duk ofishin da ke ɗaukar ma'aikata a Maraɗi, na gwamnati da na ƙungiyoyi da na ƴan kasuwa, ya tsara saƙon kira guda ɗaya mai ɗauke da suna, rana, agogo, tsawon lokaci da hanyar ɗagewa, ya sa kowane sakatare ya riƙa aiki da shi. Kuma kafin a rubuta wa wani "bai zo ba", shugaban kwamiti ya nemi a nuna masa saƙon da aka tura wa mutumin, ya karanta da idonsa.